Dongul ɗin Bulutut ya ƙi fitowa a laftof, ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min. Bulutut ɗin laftof ɗina ne ya daina aiki, Dell ce tokumbo mai Windows 10, sai na sayo ƙaramin dongul na USB an rubuta 5.0 a kwalinsa. Na soka shi amma shiru, ko alamar Bulutut babu. Sau ɗaya ya taɓa fitowa, da na rufe murfin na buɗe ya sake ɓacewa. Jabu aka ba ni ne ko direba zan sauke?"

Wa alaikumus salam Malam. Kar ka sauke komai tukuna, kuma kar ka koma ka kama rigar mai shago, don wancan fitowar da ya yi sau ɗaya shaida ce cewa abin yana da rai. Matsalar da muke cewa "kwamfuta ba ta gani" ba ciwo ɗaya ba ne, wani lokacin da gaske ko shigarsa ba ta ji ba, wani lokacin ta ji amma ba ta san ko wane ne ba, wani lokacin kuma ta san shi sarai amma ta ƙi ba shi aiki. Maganin kowanne daban ne, kuma wurin da zai gaya maka wanne ke damunka shi ne Device Manager. Mutane suna tsallake shi su tafi neman direba a intanet, su ƙone data, su kwaso tarkace, alhali amsar tana nan a gabansu.

Cire dongul ɗin tukuna. Danna maɓallin Windows tare da X ka zaɓi Device Manager, ko ka danna Windows da R ka rubuta wannan:

```
devmgmt.msc
```

In ya buɗe, ka buɗe reshen Bluetooth in akwai, da reshen Universal Serial Bus controllers da ke can ƙasa. Ka ƙara sautin kwamfutar. Yanzu soka dongul ɗin idonka na kan allon. Abin da kake jira shi ne jerin ya ɗan girgiza kamar ya rufe ya sake buɗewa, tare da ƙarar nan da Windows ke yi in an sa filash. In ya girgiza, to fot ɗin yana aiki kuma kwamfutar ta ji shigar wani abu, ko da ba ka ga alamar Bulutut a ƙasa kusa da agogo ba. In bai ko motsa ba, to maganar direba ba ta ma taso ba, domin direba ba ya hawa kan abin da kwamfuta ba ta ji ba.

Bari in gama da wannan na rashin motsin da wuri, don ba na zaton shi ne naka. Ka sa maus ko filash a wannan fot ɗin ka ga ko yana aiki, sannan ka gwada dongul ɗin a sauran fot ɗin ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye a jikin laftof ba ta hob ba, wato abin nan da ke ƙara ramukan USB. Kar ka ruɗu da 'yar fitilar da ke ƙiftawa a jikinsa, wuta kawai take nunawa. Fot na USB 2.0 layuka huɗu ne a ciki, biyu na wuta biyu na saƙo, kuma sau da yawa a tsofaffin laftof za ka samu na wutar lafiya lau amma na saƙon sun lanƙwashe ko sun yi datti, shi ya sa za ka ga fot yana cajin waya amma ba ya karanta filash. Ga kuma wani abu da ya shafi injinan tokumbo musamman, da yawansu daga ofisoshi suka fito, kuma wasu ofisoshin suna kashe fot ɗin USB daga BIOS don kar ma'aikata su kwashi bayanai. A Dell kana danna F2 lokacin da take tashi, ka duba USB Configuration ka tabbatar ba a cire alamar fot na waje ba. Masu kwamfutar tebur kuma su gwada fot na baya, don na gaban da waya ake haɗa su da madabod kuma wayar tana iya zama a cire. In duk fot ɗin suna karɓar maus amma ba sa jin dongul, kuma ka kai shi wata kwamfutar nan ma shiru, to ya mutu, sai a mayar.

Kuma tun da ana maganar mayarwa, ka duba kwalin da kyau. Akwai wasu da ake sayarwa da sunan Bulutut na USB waɗanda na sauti ne kawai, suna da ramin iyafis a jiki, wutar USB kawai suke sha su tura waƙa zuwa sifika. Irin waɗannan har abada ba za su fito a reshen Bluetooth ba, wasu ma a matsayin katin sauti suke fitowa. Haka ɗan abin da ke zuwa da maus marar waya, yawancinsu ba Bulutut ba ne ko kaɗan.

To a ce jerin ya girgiza. Yanzu nemo inda sabon abin ya sauka. In ka ga a ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers an rubuta Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed) da alamar rawaya, wannan shi ne Code 43, ma'anarsa kwamfutar ta tambaye shi sunansa bai iya amsawa ba. Nan ma direba ba zai yi maka komai ba, don Windows da wannan amsar take gane direban da za ta ɗora. Yawanci fot ne mai sako-sako, ko hob mai arha, ko dongul ɗin da kansa. Canza fot, ka fi ba baƙin fot na USB 2.0 muhimmanci a kan shuɗi na 3.0. Wasu za su ce maka wuta ce ba ta isa ba, ni dai ban cika yarda da wannan ba, fot na 2.0 yana iya ba da har 500mA, na 3.0 kuma 900mA, shi kuwa wannan ɗan abin kaɗan yake ci daga ciki.

In kuwa ya sauka a ƙarƙashin Other devices da alamar rawaya, ka buɗe Properties ka ga Code 28, to wannan ne kawai yanayin da "sauke direba" yake zama amsa. Amma ko a nan kar ka nemi direba da sunan da ke kan kwali, don kwalin ba ya faɗin gaskiya ko da yaushe, kamfanoni barkatai suna sayen cif iri ɗaya su sa masa roba da sunansu. Ka shiga Properties, ka je Details, a akwatin Property ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi mai kama da wannan:

```
USB\VID_0BDA&PID_8771
```

Lambar VID ta kamfanin ce, PID kuma ta samfurin. 0BDA na Realtek ne, kuma 8771 shi ne cif ɗin RTL8761B da ke cikin da yawan dongul masu 5.0. Wannan yana son direban Realtek nasa, saboda direban ne ke loda masa ɗan shirin da yake aiki da shi duk lokacin da ya tashi. In kuma ka ga VID_0A12&PID_0001, wannan lambar CSR8510 ce, tsohon cif na Bulutut 4.0, kuma akwai kwaikwayonsa da yawa a kasuwa da suke amfani da lambar tasa ko da an buga 5.0 a kwali. Shi wannan Windows 10 tana da direbansa a cikinta, zai fito da sunan Generic Bluetooth Radio ba sai ka sauke komai ba. In an haɗo maka da ɗan ƙaramin faifai mai CSR Harmony, ajiye shi gefe, tsohon shiri ne na zamanin Windows 7 kuma a Windows 10 rikici yake kawowa da Bulutut ɗin Windows na asali. In ka riga ka sa shi, cire shi daga Programs and Features ka yi Restart.

Direban Realtek ɗin kuwa a ƙa'ida Windows Update ne ke kawo shi da kansa cikin 'yan mintoci da sokawa. Abin da ke hana shi a wajenmu sananne ne, yawancinmu da hotsfot na waya muke hawa kuma mun kunna Metered connection don kar Windows ta shanye data, wasu kuma mai gyara ya kashe musu Windows Update gaba ɗaya. In an kunna Metered connection, Windows ba ta sauke direban sabuwar na'ura sai ka ba ta izini. Je Settings, Devices, Bluetooth & other devices, ka sauka ƙasa ka sa alama a Download over metered connections, sannan ka cire dongul ka mayar. Ko ka je Windows Update, View optional updates, Driver updates, ka duba ko yana can yana jira. Direban ba shi da nauyi, ba zai cinye maka data ba. Shirye-shiryen nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ni ba na sa wa kowa su.

Yanzu ga inda nake zargin matsalarka take, kuma shi ne wanda mutane suka fi rashin sani. Windows ba ta aiki da Bulutut biyu a lokaci ɗaya. Guda ɗaya take ɗauka, wanda ya riga tashi shi ne da wurin, na biyun sai ya zauna da alamar rawaya. Kai kuma laftof ɗinka tana da nata na ciki, wanda ka ce ya daina aiki, amma daina aiki a wajenka ba ya nufin ya ɓace a wajen Windows. Yana iya kasa haɗuwa da iyafis ɗinka amma har yanzu yana riƙe da kujerar, kamar direban da motarsa ta lalace a bakin layi a tasha, bai yi lodi ba kuma bai bar na bayansa ya shigo ba. Wannan ne zai iya bayyana fitowar nan ta sau ɗaya, ranar na cikin ya kasa tashi gaba ɗaya sai dongul ya samu wuri, da ka rufe murfi ka buɗe na cikin ya farfaɗo ya karɓe abinsa.

Ga yadda abin yake kasancewa a irin Dell Latitude ɗin da ke yawo a hannun mutane. Ka buɗe reshen Bluetooth ba dongul, za ka ga Intel(R) Wireless Bluetooth(R), in ka duba Hardware Ids nasa zai fara da VID_8087, lambar Intel ke nan. Kar ka yi mamakin ganin USB a farkon layin, Bulutut na cikin laftof yana kan katin Wi-Fi ne amma ta layin USB na ciki yake magana da madabod. Wasu Dell ɗin Qualcomm Atheros ko Broadcom za ka gani a madadin Intel, duk ɗaya ne. Sai ka soka dongul, wani sabon layi ya bayyana, misali Realtek Bluetooth Adapter ko Generic Bluetooth Radio, da alamar rawaya, a Properties ɗinsa galibi Code 31, wani lokacin Code 10. In ka rikice wanne ne wanne, cire dongul ka ga wanda ya ɓace, wanda ya rage shi ne na ciki. In kana son tabbaci, buɗe Event Viewer, Windows Logs, System, ka nemi saƙo daga BTHUSB mai cewa Only one active Bluetooth adapter is supported at a time. In ka gan shi magana ta ƙare.

Gyaran ba wuya. Cire dongul, danna dama a kan na cikin ka zaɓi Disable device. Ka lura, Disable na ce ba Uninstall ba, don in ka yi Uninstall da zarar kwamfutar ta sake tashi Windows za ta gano shi ta mayar da shi, ka koma gidan jiya. Kuma ka tabbatar na reshen Bluetooth ka kashe, ba katin Wi-Fi da ke ƙarƙashin Network adapters ba. Sai ka yi Restart, bayan ta tashi ka soka dongul. A wannan karon ya kamata ya fito ba alamar rawaya, maɓallin kunna Bulutut ya dawo a Settings. In kana son abin ya zauna daram ko da an sake sa Windows, a BIOS na Latitude akwai Wireless, Wireless Device Enable, ka cire alamar Bluetooth kawai ka bar WLAN. Abu ɗaya da zai ba ka haushi, duk na'urorin da ka taɓa haɗawa da na cikin sai ka cire su ka sake haɗawa, domin haɗin yana ɗaure ne da adireshin wancan tsohon. In sun ƙi cirewa daga Settings, a Device Manager ka danna View, Show hidden devices, za ka gan su sun yi fari-fari, ka yi musu Uninstall daga nan.

In duk ka yi wannan dongul ya fito tsaf ba rawaya amma maɓallin Bulutut bai dawo ba, danna Windows da R ka rubuta services.msc, ka nemi Bluetooth Support Service, ka tabbatar ba a sa shi Disabled ba, ka danna Start. Wannan ya fi faruwa a Windows ɗin nan da aka rage wa nauyi da wasu masu gyara ke sa wa mutane, wani lokacin ma an cire ɓangaren Bulutut ɗin ɗungurungum, in haka ne babu dabarar da za ta yi sai an sa cikakkiyar Windows. Ka kuma leƙa Airplane mode ko a kunne yake.

Saura maganar rufe murfi, don ko ka kashe na cikin tana iya dawowa ta wata ƙofar. Windows tana da tsarin da take sa fot ɗin USB barci in ta ga ba a amfani da shi don batir ya daɗe, sunansa USB selective suspend. A ƙa'ida na'urar za ta farka in an buƙace ta, amma dongul masu arha da yawa ba su iya farkawa ba, in suka kwanta sai an cire an mayar. Alamar da za ka gane shi da ita ke nan, yana aiki lafiya, ka bar kwamfutar ta yi barci ko ka cire caji, Bulutut ya ɓace, ka zare dongul ka mayar ya dawo nan take. Kuma mu da wuta ke zuwa tana tafiya, laftof kullum tana tsalle tsakanin caji da batir, a kan batir kuwa Windows ta fi matsa wa tanadin wuta, shi ya sa wani zai rantse maka abin yana aiki in akwai NEPA, in an ɗauke ya tsaya.

Wuri biyu za ka taɓa. Na farko ka danna Windows da R ka rubuta powercfg.cpl, ka danna Change plan settings a gefen tsarin da kake kai, sai Change advanced power settings, ka buɗe USB settings, USB selective suspend setting, ka mayar da On battery da Plugged in duka biyun Disabled. A wasu sababbin laftof ba za ka ga USB settings ɗin ba sam, an ɓoye shi. In haka ne buɗe Command Prompt da Run as administrator ka sa waɗannan, na farko na caji ne, na biyu na batir, na uku shi ke sa canjin ya fara aiki:

```
powercfg /setacvalueindex SCHEME_CURRENT 2a737441-1930-4402-8d77-b2bebba308a3 48e6b7a6-50f5-4782-a5d4-53bb8f07e226 0
powercfg /setdcvalueindex SCHEME_CURRENT 2a737441-1930-4402-8d77-b2bebba308a3 48e6b7a6-50f5-4782-a5d4-53bb8f07e226 0
powercfg /setactive SCHEME_CURRENT
```

Wuri na biyu a Device Manager ne. A ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers ka buɗe Properties na kowane USB Root Hub da Generic USB Hub, ka je Power Management, ka cire alamar Allow the computer to turn off this device to save power. Ka duba dongul ɗin shi ma a reshen Bluetooth, in yana da wannan shafin ka cire, in babu kar ka damu, ba kowace kwamfuta ke nuna shi ba. Batir zai ɗan rage daɗewa, amma ba abin da za ka ji a jikinka ba ne.

Akwai kuma Fast Startup, wanda shi ne dalilin da ya sa nake ta cewa Restart ban ce ka kashe ka kunna ba. A Windows 10 in ka danna Shut down ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, tana ajiye halin da direbobi suke ciki a hadis, wato hard disk, ta ɗauko shi in ta tashi, wato in direban Bulutut ya rikice kafin ka kashe, da rikicinsa zai dawo. Restart ne ke tada komai daga farko. In ka lura dongul yana fitowa bayan Restart amma ba ya fitowa in ka kunna ta da safe, to shi ne, a wannan shafin na powercfg.cpl ka danna Choose what the power buttons do, sai Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar Turn on fast startup. Za ta ɗan ƙara jinkiri wajen tashi.

Wata matsalar da za ka iya haɗuwa da ita bayan ya fito, sauti yana yankewa ko maus yana tsalle. Wannan ba rashin gani ba ne, kutse ne. Bulutut a kan 2.4GHz yake aiki, kuma na'urorin USB 3.0 suna fitar da hayaniya a daidai wannan zangon, Intel ma ta fitar da takarda a kan haka tun 2012. Don haka in ka jera dongul kusa da hadis na waje a shuɗin fot, ka raba su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ko ka sa wa dongul gajeriyar wayar ƙari ta USB 2.0 ya ɗan yi nesa da jikin laftof ɗin.

In ka bi duk wannan bai yi ba, ka turo abu biyu, layin Hardware Ids na dongul ɗin da lambar Code da ke cikin Device status, sannan ka faɗi ko akwai wani abu a reshen Bluetooth lokacin da dongul ba ya jiki. Da su za a gane ko cif ɗin ne, ko direba, ko na cikin ne bai saki ba.